Abincin Rana na Mai Juna Biyu: Yadda Za a Gane Ko Ya Isa

Wannan takarda taki ce, ke uwa mai juna biyu a garuruwan Gabi, kuma taku ce, ku ƴan sa-kai na kiwon lafiya da ake kira rele, masu shiga gida-gida. Magana guda ɗaya ta ƙunsa: yadda za a dubi abin da mai ciki ta ci da rana, a auna shi da abin da jikinta yake buƙata, a gane abin da ya rage, sannan a cike shi da abin da ake samu a gida ko a kasuwa. An zaɓi abincin rana ne domin a yawancin gidajenmu fura ce ake sha a wannan lokaci, ita kuwa fura tana cika ciki tun kafin ta biya buƙatar jiki. Mace na iya ƙoshi har ta ajiye ludayi, alhali rabin abin da ya kamata kaɗai ta samu.

Abubuwa biyu da ake aunawa

Abu na farko shi ne ƙarfin da abinci yake bayarwa, wanda ake ƙirgawa da kalori. Shi ne jiki yake ƙonawa wajen daka, ɗiban ruwa, noma, har da numfashi da bugun zuciya. Hatsi, dawa, shinkafa, mai da sukari duk suna bayar da shi. Abu na biyu shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, wanda ake aunawa da giram. Da shi ake gina tsokar jariri, da mabiyiya, da ƙarin jinin da uwa take yi a lokacin ciki. Ana samunsa da yawa a wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai, kifi, fara da nama.

Waɗannan biyu ba sa maye gurbin juna. Idan ƙarfi ya isa amma furotin ya gaza, babu isasshen abin gina jariri. Idan kuma furotin ya isa amma ƙarfi ya gaza, jiki yakan ƙone furotin ɗin kamar itace domin ya samu ƙarfi, sai ginin ya tsaya. Shi ya sa ake duba su tare, a kowane kwano.

Nawa ciki yake ƙarawa?

Hukumar Abinci da Noma ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da ƙiyasin ƙarfi a rahotonsu na 2004, sannan na furotin a 2007. Abin da suka nuna shi ne buƙata ba ta tashi gaba ɗaya a ranar da ciki ya shiga, hawa take yi mataki-mataki. A wata uku na farko, ƙarin kaɗan ne: kalori 85 a yini da furotin kimanin giram 1. Daga wata na huɗu zuwa na shida, ƙarin yakan kai kalori 285 da furotin giram 9 zuwa 10. Daga wata na bakwai zuwa haihuwa kuwa, ƙarin kalori 475 ne da furotin giram 31 a kowace rana.

A ɗauki mace mai nauyin kilo 55, wadda take aikin gida da na gona kamar yawancin matan karkara. Kafin ciki tana buƙatar kimanin kalori 2300 da furotin giram 46 a yini. A wata ukun ƙarshe na ciki, buƙatarta ta zama kusan kalori 2800 da furotin giram 77. Ki lura da bambancin da ke nan, domin shi ne zuciyar wannan takarda: ƙarfi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar kawai, amma furotin ya ƙaru da kashi biyu cikin uku. Ma'anar haka ita ce ƙara yawan abincin da aka saba kaɗai ba zai wadatar ba. Dole ne irin abincin ma ya canja.

Domin sauƙin aiki, ana iya raba buƙatar yini gida uku, a ɗora wa abincin rana kashi ɗaya. Ga mai cikin wata bakwai zuwa tara, wannan ya kama kalori 900 da furotin giram 25, a ƙiyasce. Ga mai cikin wata huɗu zuwa shida, kalori 850 ne da furotin giram 18. Wannan rabo ma'aunin aiki ne kawai. Idan abincin rana ya ɗan gaza amma ta ci wani abu da la'asar ya cike, babu laifi. Amma a gidan da kari na safe ragowar tuwo ne ko kunu tsararo, abincin rana ba shi da damar gazawa.

Yadda ake duba abincin

Kai ko ke rele, fara da tambayar abin da ta ci jiya da rana. Tambayar abin da ta saba ci takan jawo amsar da ake ganin za ta faranta maka, amma jiya rana ce guda, kuma ana tuna ta. Yi tambayar a gefe, cikin ladabi, ba a gaban uwar miji ko kishiya ba, domin maganar abinci magana ce ta asirin gida. Ka nemi ta nuna maka ƙwaryar, da ludayin, da kwanon da aka yi awo da shi.

Daga nan sai tambayoyi huɗu. Hatsi nawa aka auna kafin a surfa? Mutum nawa suka sha daga abin da aka dama? Nono nawa aka zuba, na dala nawa, a wane mazubi? Me ta ci tare da furar ko bayanta kafin magariba? Ana farawa daga busasshen hatsi ne saboda ruwa ba ya ɗauke da kalori ko furotin. Dawo guda ɗaya, in an dama shi da kauri ko an tsinka shi da ruwa har ya cika babbar ƙwarya, abin da ke cikinsa bai canja ba. Wanda ya ƙirga ludayi kawai, ruwa ya ƙirga.

Ga abin da ma'aunan gida suke bayarwa, a ƙiyasce:

Garin hatsi giram 100: kalori 360, furotin giram 10.
Nonon da aka cire wa mai, rabin lita: kalori 200, furotin giram 17.
Busasshen wake cikin ƙaramin gwangwanin tumatir, kimanin giram 50: kalori 170, furotin giram 11.
Soyayyar gujiya ɓararriya cikin tafin hannu, kimanin giram 30: kalori 175, furotin giram 8.
Ƙuli-ƙuli giram 30: kalori 130, furotin giram 12.
Ƙwan kaza ɗaya: kalori 70, furotin giram 6.
Busasshen kifi giram 20: kalori 60, furotin giram 11.
Mai, babban cokali ɗaya: kalori 90, babu furotin.
Sukari, babban cokali ɗaya: kalori 40, babu furotin.

Waɗannan lambobi ba sa buƙatar sikeli. An daidaita su ne domin a iya lissafi da ka, kuma kuskuren giram ɗaya ko biyu ba ya ɓata sakamako. Abin da ake nema shi ne a san ko abincin ya kai, ko ya kusa, ko yana da nisa.

Misali: furar gida mai mutum takwas

A ɗauka kun shiga wani gida a watan Yuli, ana cikin noman farko. Mace ce mai cikin wata takwas, nauyinta kafin ciki kilo 55. Jiya an auna rabin tiya na hatsi domin fura. Tiya tana ɗaukar kimanin kilo biyu da rabi, don haka rabinta giram 1250 ne. Bayan surfe da bakace da wanki, kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi a dusa, ya rage kimanin giram 1000. An zuba nono rabin lita. Mutum takwas ne suka sha, an kai wa na gona nasu, kuma a ce rabon ya zo daidai.

Rabonta na hatsi giram 125 ne, wato kalori 450 da furotin giram 12. Rabonta na nono kashi ɗaya cikin takwas ne na rabin lita, wato kalori 25 da furotin giram 2. Ba ta ci komai tare da furar ba. Jimillar abincin ranarta ta zama kalori 475 da furotin giram 14. Abin da ake nema kalori 900 ne da giram 25. Saboda haka ta gaza da kalori 425 da furotin giram 11, kusan rabi a kowane ɓangare.

Abin lura a nan shi ne, furotin ɗin wannan fura ya kusa isarta a lokacin da ba ta da ciki, domin a lokacin giram 15 take buƙata da rana. Ita da mutanen gida suna ganin abincin bai canja ba, kuma gaskiya ne. Buƙatar ce ta canja. Sannan nonon da ya sa furar ta yi fari da tsami, da aka raba shi takwas, abin da ya iso gare ta bai kai rabin furotin ɗin ƙwai ɗaya ba.

Hanyoyin da ba su cike giɓin

Abu na farko da ake tunani shi ne ta ninka furar. A lissafi hakan zai kai kalori 950 da furotin giram 28, amma a wata na takwas jariri ya matse tumbi, ga ƙwannafi, kuma ruwan da ke cikin fura mai yawa ne. Da wuya ta iya shanye ninki biyu a zama ɗaya, kuma a watan Yuli rumbu ba ya yarda da ninki. Bayan haka, furotin na hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare da ake kira laisin, wanda jiki ba ya iya yin gini sosai in babu shi. Wake, nono, kifi da ƙwai suna da shi da yawa. Shi ya sa hatsi da wake a haɗe sun fi hatsi mai yawa shi kaɗai.

Na biyu shi ne ƙara sukari. Cokali uku suna ba da kalori 120, amma furotin yana nan a giram 14. Haka nan garin rogo: gwangwani guda da aka jiƙa yana ƙara ƙarfi kuma yana kumbura ciki, amma furotin ɗinsa bai kai giram ɗaya ba. Waɗannan suna toshe yunwa, su bar giɓin da ya fi girma a buɗe. Na uku shi ne ƙara ruwa domin furar ta kai ga kowa. Wannan ba ya ƙara komai, sai ma ya sa mai ciki, wadda cikinta ya fi na kowa saurin cika, ta tashi da rabo mafi ƙanƙanta.

Hanyoyin da suke cike shi

Hanya ta farko: ta sha furarta kamar yadda ta saba, a dafa mata wake ƙaramin gwangwani ɗaya, a zuba mai cokali ɗaya da ɗan gishiri da yaji. Wannan ya ƙara kalori 260 da furotin giram 11, jimilla ta koma 735 da giram 25. Furotin ya kai ke nan. Da la'asar ta ci gujiya cikin tafin hannu, sai ta kai kalori 910 da giram 33. Gwangwani ɗaya a kullum na tsawon wata uku ya kama kilo huɗu da rabi na wake, wato bai cika tiya biyu ba. Wannan lissafi ne da ya kamata maigida ya ji da kunnensa, musamman a kaka, kafin a kai wake kasuwa. Tiya biyu da aka keɓe aka adana da kyau sun isa su raka mace har haihuwa ta fuskar abincin rana.

Hanya ta biyu: kwaɗon zogala, ko na tafasa, ko na rama. Ana noman zogala sosai a fadamun Madarounfa, irin su Djirataoua, kuma da damina ganye ba ya wuya. Ganyen da kansa ba ya ba da ƙarfi mai yawa. Kwano guda na dafaffen ganye bai fi kalori 50 da furotin giram 5 ba, ko da yake yana da amfani wajen gyaran jini da ƙarin sinadaran kare jiki. Ƙuli-ƙuli da mai ne suke ɗaga kwaɗo. In an daka ƙuli giram 30 aka zuba mai cokali ɗaya, kwaɗon ya ba da kalori 270 da furotin giram 17. Tare da fura sun zama 745 da giram 31. Furotin ya wuce, ƙarfi ya rage kimanin 150, wanda gujiya ko ɗan dawo da la'asar zai cike. Rele ya tambayi yawan ƙulin da aka sa, domin kwaɗon da aka barbaɗa wa ƙuli sama-sama ganye ne kawai.

Hanya ta uku: a ɗebe mata furarta daban tun kafin a tsinka ta gida da ruwa, a dama mata da kauri, a zuba mata nono nata na kanta. Rubu'in lita a ƙwaryarta ita kaɗai yana ba da kalori 100 da furotin giram 8, ninki huɗu na abin da take samu a furar taro. In an samu ƙwai ɗaya dafaffe, ko ɗan busasshen kifi irin na tafkin Madarounfa, ko awara, furotin ya kai. A tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita ta zama nono, kuma ruwan damun mai tsabta ne.

A duk hanyoyin nan, a kula da gujiya. Wadda ta yi fumfuna, ta yanƙwane ko take ɗaci, a zubar da ita, domin tana iya ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Shayi kuma a jinkirta shi, kada a sha shi tare da abinci ko da ƙwayar ƙarin jini, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Tsoron babban jariri

Akwai uwayen da ke rage ci da gangan a ƙarshen ciki, ko a hana su ƙwai, don gudun kada jariri ya girma ya ba da wahala wajen haihuwa. Wannan tsoro yana da dalili, domin mata da yawa sun ga doguwar naƙuda da idonsu. Amma rage abinci ba ya buɗe ƙugu. Abin da yake jawowa shi ne uwa ta shiga naƙuda da rauni da ƙarancin jini, jariri kuma ya zo ƙasa da kilo biyu da rabi, wanda shi ne ya fi shiga haɗari a makonnin farko na rayuwa. Maganin doguwar naƙuda shi ne awon ciki da haihuwa a gidan likita, inda ungozoma za ta gane matsala da wuri. Ƙwai kuwa halal ne kuma lafiyayye ne ga mai ciki, muddin ya dahu sosai.

Yadda jiki yake nuna gaskiyar lissafi

Lissafin kwano na yini ɗaya ne, kuma yana dogara da abin da aka faɗa maka. Jiki ne yake tabbatar da shi. Alama ta farko ita ce nauyi. Daga wata na huɗu, ana sa ran mace ta ƙara kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane wata. In katin awo ya nuna ƙarin bai kai kilo ɗaya a wata ba, ko nauyin ya tsaya, abinci bai isa ba ko akwai ciwo. Alama ta biyu ita ce awon dantse. Ana naɗa tsirin awo a tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. In ya gaza santimita 23, a tura ta gidan likita ba tare da jira ba, domin a duba ta, a kuma sa ta cikin shirin ƙarin abinci in yana gudana.

Garin ƙarin abinci da ake rabawa, na masara da waken suya, an yi shi ne domin cike irin wannan giɓi. Giram 100 nasa yana ba da kusan kalori 380 da furotin giram 14. Ƙari ne a kan abincin gida, ba madadinsa ba. In an zuba shi a tukunyar gida aka raba takwas, zai zama kamar nonon misalinmu. Rele ya tambayi wanda ya sha kunun, ba kawai ko an karɓo garin ba.

Akwai inda lissafin abinci ba shi da hurumi. Nauyin da ya tashi farat ɗaya tare da kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani ko duhun gani, ba alamar ƙoshi ba ce, yana iya zama hawan jini na ciki. Farin ido da tafin hannu, jiri da haki alamun ƙarancin jini ne. Zazzaɓi, aman da ba ya tsayawa, zubar jini, ko jariri ya rage motsi, duk waɗannan na gidan likita ne a ranar, ba na wake da gujiya ba. Haka kuma, ko abincin rana ya cika ma'auni, ba ya ɗauke ƙwayar ƙarin jini ta kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a wurin awo, da kwana cikin gidan sauro.

Abin da za a yi a ziyara ta gaba

Kada rele ya bar gida da shawarwari biyar. Ya zaɓi canji ɗaya tare da uwar, wanda gidan zai iya a wannan makon: gwangwanin wake, ko ƙuli a kwaɗo, ko nono a ƙwaryarta daban. In hali ya yi, ya sanar da maigida da uwar miji, domin su ne ke riƙe da rumbu da kuɗin cefane. Ya rubuta watan cikin, da abin da ta ci, da awon dantse. Bayan mako biyu ya dawo ya sake tambayar abin da ta ci jiya da rana, ya duba katin awo.

Ke kuma uwa, kina iya yin wannan dubawa da kanki ba tare da lamba ko ɗaya ba. Kafin ki ajiye ludayi, ki tambayi kanki: furata mai kauri ce? Na ci wake, ƙuli, nono, ƙwai, awara ko kifi tare da ita? Akwai mai ko gujiya a ciki? Ina da abin da zan ci da la'asar? In amsa biyu daga cikin huɗun nan a'a ce, abincin ranarki bai kai na mai cikin wata bakwai ba. Ki gaya wa relen unguwarku ko ungozoma a ranar awo, ku duba tare abin da za a ƙara daga gobe.